Aski Ba Ƙuraje: Tambayoyi da Amsoshi Kan Kwanciyar Gashi, Jiƙa Fata da Yawan Bakin Reza

Yawancin masu korafi kan aski abu biyu suke nema a lokaci guda: fuska ta yi sumul kamar ba a taɓa gashi a wurin ba, kuma kada ƙurji ko ɗaya ya fito. Ga mai miƙaƙƙen gashi hakan na iya yiwuwa. Ga mai gashi irin namu, mai lanƙwasa da murɗewa, buƙatun biyu sukan yi karo da juna, domin askin da ya fi sumul shi ne ya fi haifar da ƙuraje. Amsoshin da ke ƙasa an gina su ne a kan wannan.

Me ya sa ƙuraje ba sa fitowa ranar aski sai bayan kwana biyu ko uku?

Saboda matsala biyu ce ake haɗawa wuri ɗaya ana kiranta ƙurajen aski, alhali kowace da sababinta.

Ta farko ita ce raɗaɗin da ke tasowa nan take, ko cikin awa ɗaya bayan aski. Wurin ya yi zafi, ya yi ja ga mai hasken fata, in gumi ya taɓa shi ka ji kamar an zuba barkono. Wannan kankarar fata ce. Reza ba gashi kaɗai take ɗauka ba, tana kwashe wani siririn ɓawo na saman fata duk lokacin da ta wuce. In ta wuce sau da yawa, ko an danna ta, ko fatar a bushe take, sai ta ci fiye da kima. Irin wannan yakan lafa da kansa cikin kwana ɗaya ko biyu.

Ta biyu ita ce ƙananan ƙuraje masu tauri da ƙaiƙayi, waɗanda ke ɓullowa bayan kwanaki, musamman a wuya da ƙarƙashin muƙamuƙi. Su gashi ne ya koma cikin fata. Reza tana yanke gashi a karkace, sai ta bar masa tsini, kamar kututturen karan dawa da aka sare da lauje. Gashin gemu yana tsiro kamar milimita ɗaya cikin kwana uku. Miƙaƙƙen gashi zai fito ya miƙe ya yi gaba abinsa. Namu kuwa yana fitowa yana lanƙwasa, sai tsinin ya juyo ya soki fatar da ke gefensa. Wani lokaci ma ba ya samun fitowa: in an yanke shi ƙasa da bakin ramin da yake tsirowa, sai ya huda bangon ramin tun daga ciki. Jiki yana ɗaukar gashin nan a matsayin baƙon abu, kamar ƙaya, sai wurin ya kumbura. Ga mai duhun fata, ko bayan ƙurjin ya warke yakan bar baƙin tabo da kan ɗauki watanni kafin ya washe.

In ka duba madubi da haske mai kyau, sau da yawa za ka ga gashin ya yi wani ɗan zobe, gindinsa a waje, kansa a cikin ƙurjin. Da ka ga wannan ka san ba datti ba ne, ba kuma jininka ne ba shi da kyau ba.

To ta wace hanya ya kamata in ja reza?

Ta inda gashin ya kwanta. Gashi ba ya fitowa a tsaye cak, kowane yanki na fuska yana da inda gashinsa ya karkata. Hanyoyin jan reza uku ne: ka bi kwanciyar gashin, ko ka gicciye ta, ko ka saɓa mata, wato ka taho daga inda gashin ya nufa kana tayar da shi.

Saɓa wa kwanciya ita ce ke ba da sumul ɗin da kowa ke so. Bakin reza yana shiga ƙarƙashin gashin, ya ɗaga shi, ya ɗan fizgo shi waje, ya yanke shi a can gindi. Da an saki, ragowar sai ta nutse ƙasa da saman fata da tsininta mai kaifi. Ka shafa ka ji santsi, amma ka shuka ƙurajen jibi. Bayan haka, ɗaga gashin yana ɗaga ɗan tudun fatar da ke kewaye da shi, reza ta shafte kansa. Ɗigon jinin nan ƙanana da kake gani a wuya ba tare da ka ji ka yanke ba, daga nan suke.

Bin kwanciya tana yanke gashin daidai da saman fata ko sama kaɗan. In ka shafa ta hanyar da ka bi, sumul ne. In ka shafa ta baya za ka ji ɗan kaushi. Kaushin nan shi ne ke nuna bakin gashin yana waje, inda ya kamata ya kasance.

Ai gashin fuska ƙasa yake kwanciya, ko ba haka ba? Ni daga sama nake jawowa ƙasa, amma wuyana bai daina ba.

A kunci da saje, galibi haka ne, ƙasa yake nufa. A wuya kuwa kowa da irin nasa. Mutane da dama gashin ƙasan wuyansu sama yake kallo, ya haɗu da mai saukowa daga haɓa a tsakiya. Wasu nasu yana tafiya ne a gefe, daga maƙogwaro zuwa wajen kunne. Wasu suna da wurin da gashin ya yi juyi kamar na tsakar kai, yawanci a gefen maƙogwaro. Don haka mutumin da ke jan reza daga haɓa har ƙasan wuya a layi ɗaya, rabin farko yana bin kwanciya, rabin ƙarshe yana saɓa mata bai sani ba. Shi ya sa ake ganin kunci lafiya lau, ƙuraje sun yi layi a ƙasan wuya.

Gano naka ba shi da wuya. Bar gashin ya yi kwana uku ba aski. Sa yatsa ɗaya a wuri guda, ka shafa sama, ƙasa, hagu da dama. Hanyar da ka ji santsi ita ce kwanciyar, wadda ka ji kaushi tana turje wa yatsa ita ce akasinta. Yi haka a kowane kunci, da haɓa, da ƙarƙashin muƙamuƙi dama da hagu, da gefen maƙogwaro biyu, da can ƙasan wuya. Kada ka ɗauka dama da hagu iri ɗaya ne, sau da yawa ba haka ba ne. In gashinka ya murɗe sosai har yatsa bai bambance ba, ɗauki hoton wuyan da waya kusa da taga, ka buɗe hoton ka dubi gindin gashin, ba bakinsa ba. Inda gindin ya karkata nan ne hanya.

Inda gashi ya yi juyi babu hanya ɗaya da za ta yi daidai da dukkansa. Nan sai dai ka zaɓi wadda ta fi rinjaye, ka wuce sau ɗaya da hannu sakwa-sakwa, ka bar wurin haka.

Na bi kwanciya, amma askin bai fita yadda nake so ba. Mene ne abin yi?

Ka sake shafa kumfa, ka yi zagaye na biyu a gicciye, amma a wuraren da fatarka ke ɗauka kawai, wato kunci da gefen muƙamuƙi. In gashin kunci ƙasa ya nufa, sai ka ja daga wajen kunne zuwa wajen baki. Wannan yana rage kaushin sosai ba tare da ya nutsar da gashin ba. Wuya kuwa, in ka san kana ƙuraje, zagaye ɗaya ya ishe shi.

Sharaɗin shi ne kada reza ta sake bin wurin da kumfa ta riga ta tafi. Mafi yawan raɗaɗi daga nan yake zuwa: mutum ya wuce sau ɗaya, ya shafa ya ji saura, ya yi ta maimaitawa a busasshiyar fata sau huɗu, sau biyar. A ganina ma wannan ɗabi'ar ta fi kuskuren hanya yawa a tsakanin masu aski da kansu, don ita ba a lura ana yin ta.

Sannan ka tuna cewa kai kaɗai ke shafa fuskarka ta baya. Wanda ke tsaye gabanka ba ya iya bambance askin da aka bi kwanciya da wanda aka saɓa mata. Ƙuraje da baƙin tabo kuwa ana hango su daga nesa.

Wanzamai da masu shagon aski suna jan fata da yatsa kafin su sa aska. In yi haka?

Akwai bambanci tsakanin daidaita fata da ɗame ta. Mai riƙe da aska tsirara dole ya sa yatsa ya hana fatar tattarewa a gaban kaifin, in ba haka ba zai yi yanka. Wannan daidai ne. Amma in aka ɗame fatar tamau, gashin yakan ƙara leƙowa daga raminsa, a yanke shi, da an saki fatar sai ya koma ciki. Sakamakon ɗaya ne da na saɓa wa kwanciya.

Haka nan ɗaga haɓa sama har wuya ya miƙe tamau a gaban madubi. Ɗaga kai kaɗan ya isa. A kan maƙogwaro, ka ɗan tura fatar gefe da yatsa don ta sauka daga kan tudun, ka aske, ka saki.

In a shago ake maka, ka faɗa tun kafin a fara: "Maigida, wuyan nan a bi shi yadda ya kwanta, sau ɗaya, kada a kankare." Mai aski yana kankarewa ne don yana ganin haka ake gane ya iya aiki, kuma shi ba ya nan ranar da ƙurajen za su fito.

Da jiƙa fata da askewa a bushe, wanne ya fi?

In da reza ce ko aska, babu gardama, a jiƙe. Busasshen gashin gemu yana da tauri ƙwarai. Idan ya sha ruwa yakan kumbura ya yi laushi, ƙarfin da ake buƙata a yanke shi ya ragu sosai. Gashin da ya yi laushi kaifi na taɓa shi yake tsinkewa. Busasshe kuwa sai ya turje, reza ta ja shi kafin ta yanke, kai kuma ka ƙara dannawa ba ka sani ba. Jan nan da dannawar su ne raɗaɗin.

Abin da ake yawan kuskurewa shi ne lokaci. Watsa ruwa a fuska ka ɗauki reza nan take ba jiƙawa ba ce, fatar ce kawai ta jiƙe, gashin yana nan da taurinsa. Yana buƙatar kamar minti biyu zuwa uku yana cikin danshi. Kuma akwai maiƙon da fata ke fitarwa wanda ke lulluɓe gashin ya hana ruwa shiga, shi ya sa ake fara wanke wurin da sabulu. Mafi sauƙi shi ne ka yi aski a ƙarshen wanka. In ba wanka za ka yi ba, wanke fuska, tsoma ƙaramin tawul a ruwan ɗumi, ka ɗora a gemun ka riƙe, in ya huce ka sake tsomawa.

Ruwan ɗumi ya fi saurin tausasa gashi, amma ba sai mai ƙuna ba. Ruwan zafi sosai yana kwashe maiƙon fata ya bar ta a bushe, abin da ba ka so musamman da hunturu, lokacin da fatar ma a tsattsage take. In ruwan sanyi ne kawai a kusa, zai yi, sai dai ka ƙara masa lokaci.

Dole sai kumfar aski ta kanti? Sabulun wanka ba zai yi ba?

Aikin kumfa biyu ne: ta riƙe ruwa a jikin gashi har ka gama, ta kuma sa reza ta zame. Duk abin da ya yi waɗannan ya wadatar. Matsalar sabulun wanka ita ce kumfarsa tana saurin bushewa, kafin ka gama kunci ɗaya ɗayan ya yi fari ya ƙame. In shi ke gare ka, shafa wa yanki ɗaya, ka aske, sannan ka shafa wa na gaba. Sabulun wanki kuma a bar shi wa tufafi, yana da kaifi a fata. Ko wacce ka shafa, ba ta minti ɗaya ko biyu a wurin kafin ka fara.

Man shafawa mai kauri irin su basilin yana sa santsi, amma yana toshe tsakanin bakunan reza, gashi ya cushe, ta daina ci.

Kilifa fa? Ita ai a bushe ake yi.

Haka ne, kuma dokarta daban ce. Kilifa ba kankara take yi ba, jeri biyu na haƙora ne ke gittawa suna datse gashi kamar almakashi, don haka ta fi son gashi busasshe mai tsayuwa. Jiƙaƙƙen gashi yana kwanciya ya manne, ta kasa kama shi. In akwai gumi, share shi tukuna.

Ga wanda ƙuraje suka addaba, kilifa ita ce mafita mafi tabbas, domin tana barin gashi da ɗan tsayi, rabin milimita zuwa ɗaya, bakinsa a waje. Amma a lura da yadda ake saita ta a shaguna. Masu aski da yawa suna matso da haƙoran su daidaita baki da baki, su kuma wasa su, don su fitar da layin goshi da na saje tsaf. Kilifar da aka yi wa haka tana cin fata kusan kamar reza. In aka danna ta a ƙeya ko a wuya aka yi ta gogawa, za ka tashi da zogi da ƙuraje duk da ba a sa maka reza ba. Kan ƙarfen kuma yana yin zafi in ta daɗe tana aiki. In ka ji tana cizo, yi magana, ba jarumta ba ce yin shiru.

Reza mai baki uku ko biyar ba ta fi mai baki ɗaya kyau ba? Ai ta fi tsada.

Ta fi kankarewa, wannan gaskiya ne. Ko hakan alheri ne gare ka, ya danganta da gashinka.

Shekaru da dama reza baki ɗaya gare ta. Kamfanin Gillette ne ya fito da mai baki biyu a 1971, mai uku a 1998, kamfanin Schick ya kawo mai huɗu a 2003, sannan Gillette ya fitar da mai biyar a 2006. Dabarar da aka gina su a kai ita ce: baki na farko yana kama gashin ya ɗan jawo shi waje yayin da yake yankewa, kafin gashin ya koma mazauninsa sai na biyu ya iso ya sake yanke shi ƙasa da wurin farko, na uku ya ƙara. Da rezar ta wuce, abin da ya rage sai ya koma ƙasa da saman fata. Wato abin da saɓa wa kwanciya ke yi, da abin da ɗame fata ke yi, shi ne wannan reza take yi da gangan, ko da kwanciyar ka bi. Ga mai miƙaƙƙen gashi, wannan aski ne mai daɗewa. Ga mai murɗaɗɗen gashi, hanya ce ta huda daga ciki.

Akwai kuma lissafin wucewa. Reza mai baki biyar in ka ja ta sau uku a wuri ɗaya, kaifi ya bi fatar nan sau 15. Mai baki ɗaya sau uku ne kawai. Sannan bakunan suna kusa da juna, gashi mai kauri da kumfa suna cushewa a tsakani, musamman in gemun ya kwana biyu.

A yi mata adalci dai. Mai baki da yawa tana rarraba nauyin hannu a kan bakunan, kanta yana lanƙwasa yana bin fuska, don haka da wuya ta yi maka yanka mai zurfi, kuma ba ta buƙatar koyo. Wanda ke amfani da ita shekara da shekaru bai taɓa ganin ƙurji ba, babu dalilin da zai sa ya canza.

Ke nan in na koma mai baki ɗaya na rabu da matsala?

Ba lallai ba. Baki ɗaya a hannun mai saɓa wa kwanciya, mai ɗame fata, mai dannawa, zai yi ɓarna fiye da baki uku a hannun mai natsuwa. Askar wanzami baki ɗaya ce, amma babu abin da ya kai ta kankarewa in aka so. In za a jera su, ni dai hanya nake sa wa a gaba, sai jiƙawa da sauƙin hannu, sannan yawan baki.

Masu baki ɗaya iri biyu ne a kasuwa. Akwai ta roba wadda ake yarwa bayan amfani, akwai kuma ta ƙarfe da ake kwancewa a sa mata reza mai kaifi biyu a ɗaure. Ta ƙarfen ta fi araha in an daɗe, tunda rezar kawai ake canzawa, amma kanta ba ya lanƙwasa, kai ne za ka riƙe kusurwa. Ɗora kanta a kunci, mariƙin yana kallon waje, sai ka riƙa sauke mariƙin a hankali har ka ji bakin ya fara kama gashi. Wurin nan, kusan digiri 30 tsakanin kaifi da fata, shi ne daidai. Nauyinta ya isa, kada ka ƙara naka. Ja gajere-gajere, kamar faɗin yatsu biyu, kana ɗaurayewa.

Riƙe reza tsirara da yatsu, ko karya ta biyu a aske da rabi, kamar yadda wasu ke yi, ba ya barin mutum ya riƙe kusurwa ɗaya, kuma yanka a wuya ba abin wasa ba ne.

Yaushe zan san reza ta dakushe?

Da ka ji tana jan gashi maimakon yanke shi, ko ka ga sai ka maimaita wurin da da sau ɗaya yake fita. Ga mai gemu mai kauri wannan na iya zuwa bayan aski uku zuwa biyar. Kada ka jira sai ka ga tsatsa. Bayan aski ɗauraye ta, yarfe ruwan, ka ajiye ta inda za ta bushe, ba cikin kwandon soso ba. Kuma reza ta mutum ɗaya ce: ciwon hanta nau'in B yana iya bin jinin da ido ba ya gani. A shago, a ɓare sabuwa a gabanka.

Aikina na kaki ne, dole in yi aski kusan kullum, wuyana kuma duk ƙuraje. Ta ina zan fara?

Mu ɗauki yanayin da aka fi gani. Mutum yana aski kowace asuba da reza mai baki uku, ya watsa ruwan sanyi, ya goga sabulu, ya ɗaga haɓa sama, ya ja daga ƙasan wuya zuwa haɓa sau huɗu a kowane wuri don sauri da sumul, ya gama ya shafa sifirit. Kuncinsa lafiya, amma daga muƙamuƙi zuwa maƙogwaro ƙuraje ne da baƙaƙen tabo. A wannan wuyan kaifi yana wucewa sau 12 kowace safiya, a kan gashin da bai jiƙa ba, a fatar da aka ɗame, kuma kullum reza tana sare kan ƙurajen jiya.

Matakin farko shi ne a daina sa kaifi a kan ƙurajen. Mafi inganci a bar aski gaba ɗaya na kamar mako huɗu. Yayin da gashin ke tsawo, zoben nan da ya shige fata yakan fizge kansa ya fito, kumburin ya sauka. Kwanakin farko abin yakan ƙara muni kafin ya gyaru, kada hakan ya sa a koma wa reza. Lokacin hutu ya dace da wannan, ko a nemi takardar likita in wurin aiki yana karɓa. In babu hali, a koma kilifar da ba a matse haƙoranta ba, a riƙa bi da ita sama-sama kullum. Daga nesa fuska a aske take.

A cikin makonnin nan, kowane dare a ɗora tawul mai ɗumi na 'yan mintuna, sannan a goga wurin a hankali, a zagaye, da tawul ɗin ko buroshin haƙori mai laushi da aka ware don haka. Wannan yana kuɓutar da gashin da ya fara lanƙwasawa. Wanda ake ganin zobensa a fili, a sa bakin allura mai tsabta a ƙarƙashin zoben a ɗago kan ya fito, shi ke nan. Kada a tuge shi. In aka tuge, sabon da zai tsiro daga can ƙasa zai taso, ramin kuma ya riga ya kumbura, sai ya sake maƙalewa. Kada kuma a haƙa fata ana neman wanda ba a gani.

Da wuri ya lafa, a gano kwanciyar wuyan kamar yadda aka bayyana a sama. A ce an tarar daga haɓa zuwa maƙogwaro gashin ƙasa ya nufa, daga maƙogwaro zuwa ƙasa kuma sama yake kallo. To sama za a aske shi ana saukowa, ƙasa ana hawa, su haɗu a tsakiya. A yi bayan wanka, da kumfar da ta zauna minti biyu, da sabuwar reza mai baki ɗaya, kai a ɗan ɗage kawai, kowane wuri sau ɗaya. Wucewa 12 ta koma ɗaya. A ɗauraye da ruwan sanyi, a dafa tawul ba gogawa ba, a shafa mai marar turare, ko ɗan man kaɗanya kaɗan in fatar ba mai maiƙo ba ce. Sifirit da turare suna sa zogi su busar da fata, ba sa hana gashi lanƙwasa.

Daga nan kada a bar tazara mai tsawo. Aski kullum ko bayan kwana ɗaya, in da hannu mai sauƙi ne, yakan fi na mako-mako ga mai wannan matsala, domin gashin ba ya samun tsawon da zai juyo ya soki fata. A gwada mako biyu ko uku kafin a yanke hukunci. In har yanzu sababbi suna fitowa a wuya, to wuyan nan ba na reza ba ne: kunci da reza, wuya da kilifa.

Kai, hammata da mara fa? Dokar ɗaya ce?

Ɗaya ce, maza da mata. A kai, gashi yana bazuwa ne daga juyin tsakar kai zuwa goshi, gefe da ƙeya, don haka mai son ƙwal-kwabo ya fara daga tsakiya yana sauka. Ƙeya ita ce wurin taka-tsantsan, nan ne ƙuraje kan taru su yi tauri.

Gashin hammata yana tafiya hanyoyi da yawa, fatar kuma tana da laushi, sai a ɗaga hannu a bi shi da gajerun ja. A mara, in gashin ya yi tsawo a fara rage shi da almakashi ko kilifa, don dogon gashi yana cushe reza tun ja na farko. A jiƙa sosai, a bi kwanciya, wadda yawanci ƙasa take nufa, sannan a guji matsattsun kaya a ranar, saboda goga da gumi suna tura gashin cikin fata. Mace mai 'yan gashi a haɓa ta san cewa tugewa ma tana kawo irin ƙurajen nan da tabo. Aski kuma ba ya ƙara wa gashi kauri ko yawa, yankakken bakin ne kawai ke sa a ji shi da kaushi.

Yaushe abin ya wuce gyaran aski, sai an ga likita?

In ƙurajen suna tara ruwa ko mugunya suna yaɗuwa, ko wurin ya kumbura ya yi zafi, ƙwayoyin cuta sun shiga, ana buƙatar magani. In an ga wani fili mai zagaye yana ɓarewa gashi yana kakkaryewa a cikinsa, wannan ya fi kama da cutar da ake ɗauka daga kayan askin da ba a tsabtace ba, canza hanyar reza ba zai warkar da ita ba. In kuma ƙurajen ƙeya ko na muƙamuƙi sun fara tauri suna haɗewa suna zama tudun tabo, a je da wuri, domin irin wannan tabon in ya kafu gashi ba ya sake fitowa a wurin, maganinsa kuma yana da wahala.

A guji mayukan nan na haɗe-haɗe da ake saya a kemis ba takarda, waɗanda ake kuma shafawa don hasken fata. Yawancinsu suna ɗauke da sinadarin sitiroyid mai ƙarfi. Suna kwantar da ƙaiƙayi cikin kwana biyu, amma in aka daɗe ana shafa su a fuska suna sirantar da fata, su kawo wasu sababbin ƙuraje, da an daina kuma abin ya dawo da ƙarfi. Likitan fata yana da magungunan shafawa da suka dace da wannan matsala, kuma ga wanda abin ya ƙi ci ya ƙi cinyewa akwai rage gashin da na'urar hasken leza, sai dai a tabbatar irin wadda ta dace da baƙar fata ce, don wadda ba ta dace ba tana iya ƙonewa ta bar tabo.